Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Inshora na Ƙasa: wutar da ke ƙona kaya ba tare da gobara ba

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni mai shagon fotokofi da buga takardu ne a Samaru, Zariya, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ina cikin 'yan tsirarun masu shago a layinmu da suka yarda suka yi inshora. Na rubuto maka ne a kan sharaɗi guda da ke cikin takardar inshorar gobara, wanda ban san da shi ba sai ranar da na buƙaci diyya.

A farkon daminar bara, wani dare aka yi ruwa da iska da tsawa. Da safe muka buɗe shago, wuta na nan, yarona ya kunna kaya kamar kullum. Ƙwan fitila ya yi haske fiye da kima ya fashe, fanka ta kama gudu kamar za ta tsinke, sai ƙaurin roba ya cika ɗakin. Kafin ya kai hannu ga makashin wuta, injin fotokofi ɗaya, firinta biyu da kwamfuta ɗaya sun tafi. Mai sayar da lemo da ke jikinmu ya rasa firiza, shi kuwa tela na can ƙarshen layi fitilarsa dushewa kawai ta yi. Daga baya aka gano ɓarayi ne suka fake da ruwan suka yanke wayar nutural a gindin taransifoma.

Bari in faɗi abin da hakan ke nufi, domin a nan gardamar take. Wayoyi huɗu ne a kan falwaya, uku masu wuta, ɗaya nutural. Tsakanin kowace mai wuta da nutural akwai kimanin bolt 230, wanda shi kayanmu ke ci, amma tsakanin masu wutar biyu akwai kusan bolt 400. Idan nutural ta katse, sai shagunan da ke kan wayoyi masu wuta daban-daban su raba wannan 400 ɗin a tsakaninsu, kuma rabon ba na adalci ba ne: wanda ya kunna kaya kaɗan shi ke kwasar kaso mai yawa, wanda ya kunna masu nauyi sai wutarsa ta yi ƙasa. Tela yana da dutsen guga a jone, shi ya sa ya tsira.

Na kai rahoto ga kamfanin da na yi inshora da shi, suka turo mai kimanta asara. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya buɗe takardata ya nuna mini shafin farko, inda aka ce an rufe gobara da faɗuwar aradu da fashewar tukunyar gas ta gida. Sannan ya juya can ciki ya nuna mini sharaɗin kayan lantarki. Ma'anarsa ita ce kamfani ba zai biya duk na'urar da ta lalace saboda wuta ta yi mata yawa, ko wayoyinta sun haɗu, ko ta yi zafi da kanta ba. Da a ce firintar ta kama da wuta har ta cinye kanta da takardu da silin, da an biya ni kantar da takardun da silin, a cire firintar da wutar ta faro daga cikinta. Tunda babu harshen wuta, asarata ta kusan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ba ta shiga lissafi ba.

Na ce masa to ai an yi tsawa a daren. Ya ce ko da tsawar ce, a irin takardata an rubuta cewa sharaɗin ya haɗa har da ƙarfin wutar da aradu ta turo ta cikin waya, abin da ake biya shi ne inda ta faɗa wa ginin kai tsaye. Kuma ya nuna mini yadda ake bambancewa. Aradu ƙiftawar ido ce, takan shigo ta wayar dish ko eriya ko ta intanet, ta bar baƙin tabo a bakin da ta shiga, fitilu kuwa sau da yawa ba ta taɓa su. Katsewar nutural takan ɗauki mintoci ko ma sa'o'i, ta ƙona sashen da ke karɓar wuta a cikin na'ura, ta kumbura kafasito, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta a jikin allon na'ura, kuma za ka tarar maƙwabta a taransifoma ɗaya wasu sun ƙone wasu sun dushe. Duk alamomin nan na biyu su ne a shagona, ban da bakin musu.

Ranka ya daɗe, ban ce an cuce ni ba, abin da na sa wa hannu ke nan. Kuma na fahimci akwai inshorar da ke rufe irin wannan, wato ta na'urorin lantarki da ta lalacewar injina, ko a biya ƙari a faɗaɗa ta gobarar. Damuwata ita ce ranar da na biya kuɗi babu wanda ya ambata mini su. A garin da wuta ke zuwa ta ɗauke sau da yawa a yini, abin da ya fi cin kayan mai shago da na matar gida shi ne hauhawar wuta, gobara jefi-jefi ce. Mutum ya sayi kariya daga abin da ba ya yawan faruwa, yana zaton ya sayi ta abin da ke faruwa kowace damina.

Roƙona shi ne hukumarka ta NAICOM, mai kula da harkar inshora a ƙasa, ta wajabta wa duk mai sayar da inshorar gida ko ta shago ya ba mai saye shafi guda, da Hausa ga mai jin Hausa, boko ko ajami, da ke amsa tambaya ɗaya ƙarara: idan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona firij ɗina ba tare da gobara ba, za a biya ni ko ba za a biya ba? A rubuta a shafin nawa ne kason farko da mai kaya zai ɗauka da kansa, a kuma faɗi ko kuɗin sabo za a ba shi ko za a cire tsufan kayan. A gaya wa mai firiza cewa kifi da kajin da suka ruɓe a ciki sharaɗinsu daban ne da na firizar.

Tun 2013 hukumarka ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a 2018 kuma sabuntattun ƙa'idojin ƙaramar inshora suka fara aiki. Da yawa daga 'yan kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni sun fi natsuwa da takaful, don haka ta nan ya kamata a ɓullo da ƙaramin tsari na firij, talabijin, injin niƙa da inbata, wanda hauhawar wuta ke cikinsa tun daga tushe. Ba laifi a gindaya sharaɗin kariya, amma a faɗi wacce. Sitabilaiza tana da iyakar da take iya gyarawa, ni ma tawa tare da injin ta ƙone. Soket mai kare tsawa an yi shi ne don bugun da bai kai daƙiƙa ba, ba zai jure bolt 400 na minti biyar ba. Abin da ke ceto a ranar katsewar nutural shi ne na'urar da ke yanke wuta idan ta haura kamar bolt 260, ta jira 'yan mintoci kafin ta maido. Ita na sa yanzu a bakin mita, kuma na sa an kafa mini sabuwar sandar ƙarfe mai sauke wuta cikin ƙasa.

Sai maganar shaida. Yawancinmu kayan gwanjo muke saya, babu rasit. Ina roƙon a yarda da hoton na'ura da lambar jikinta da aka ɗauka ranar ƙulla inshora, tare da rahoton ƙwararren mai gyara, a matsayin hujja. A kuma sanar da mutane tun farko kada su kai kaya gyara ko su zubar da allon da ya ƙone kafin mai kimanta asara ya gani, domin maƙwabcina mai lemo da yammacin ranar ya riga ya kai firizarsa an canza kwamfireso, tsohon kuma an sayar wa 'yan gwangwan.

Allah ya taimake ka a kan wannan aiki.

Naka,
Mai shagon fotokofi, Samaru, Zariya