Sanarwa: Taron Zaɓen Sunan Ɗan Akuyarmu

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kun wuni lafiya.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu inda muka saba a Runjin Sambo, a tsai da sunan ɗan akuyan nan na littafin hotunanmu, don mai zane ba zai gama bango ba sai da suna.

Kowa ya zo da suna biyu, amma don Allah a kiyaye, ƴan shekara 2 zuwa 4 muke yi wa. Gaɓa biyu ta isa, kuma a guji r da ts da ƙ, harshensu bai kai can ba tukuna. Shi ya sa na ce Tsirarau ba zai yi ba ko da ya burge mu, yaro Cilalau zai ce, iya ta ce wani abu daban, sunan ya rabu biyu. Irin su Bubu ko Dada kuwa bakin ke kamawa nan take.

Kafin ku zo ku gwada a gida: ku faɗa wa yaro sunan sau ɗaya, washegari ku nuna hoton ku ce wane ne wannan? In ya tuna, ku ɗauko mana muryarsa a waya.

Allah shi kai mu lafiya, na gode.