Wasiƙa Zuwa Gida Ranar Sunan Takwarar Inna

Birmingham, Ingila
Ranar Alhamis

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina yi muku barka da suna, Allah ya raya mana ita bisa Sunna.

Tun asuba hankalina yana zaurenmu na Ringim. Na san yanzu an raba goro, Liman ya shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da mutanen cikin gida, kuma an rataye ragon a gindin darbejiya yana shan iska kafin suyar gobe. Ni kuwa shayi na sha da busasshen burodi na tafi aiki, ƙanshin kayan ciki da kunun kanwar mai jego suna yi mini gizo.

Na ji an mayar wa Inna suna, na kuma yi murna ƙwarai, sai dai hakan ya ɗaure bakin gidan duka, domin babu ɗa ko suruka da zai iya kiran sunan yankan, ni ma alƙalamina ya ƙi rubuta shi. Dole a nemi na alkunya, kuma a nan ne na ji an rabu biyu. Gwaggo ta ce Larai, tunda ranar Laraba aka fara naƙuda. Ni dai, da izininku, ina bayan masu cewa Lami, saboda Yaya ya gaya mini bayan sallar isha'i ta faɗo, a lissafinmu kuwa da zarar rana ta faɗi an shiga daren Alhamis. Ai shi ya sa aka tsayar da sunan yau, ba jiya ba. Idan gardamar ta yi tsawo, a kira ta Ummi kowa ya huta, ko da yake Ummi uku ke nan a gidan.

Mutanen nan ba su san wannan ba. Tun cikin yana wata biyar suke zaɓen suna, babu rago babu wanzami, sai dai a je ofis a rubuta cikin kwana 42. Suna mamakin yadda takarduna suka ce Adamu, alhali 'yan uwa na kirana Ɗanjuma. Wani abokin aikina ɗan Ghana ne kaɗai ya gane, domin shi ma Juma'a aka haife shi, aka sa masa Kofi. Ranar da muka gano haka, har abincinsa ya raba da ni.

A gaida mai jego da angon ƙarni. A gaida Gwaggo, a ce kada ta yi fushi, ita da ta yi mini wankan jarirai ba zan ja da ita ba sai a kan wannan kaɗai. A gaida Liman, da Kawu Bala, da su Talatu. Inna, ina yi miki barka da sabuwar kishiya. Don Allah a adana mini ko yanka biyu na soyayyen naman a cikin mai, in Allah ya yarda ina tafe da Babbar Sallah.

Ɗanku,
Ɗanjuma