Sau Biyu Ke Nan Ana Ɗage Mini Intabiyu

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ƙara basira. Wata matsala ce ta sha mini kai, nake neman shawararka.

Ina aiki a wani wuri, amma na nemi gurbin akanta a wani kamfani da na daɗe ina so. Matar da ke ɗaukar musu ma'aikata ta sa mini intabiyu ranar Talata da ƙarfe 10 na safe. Na nemi hutun kwana ɗaya, na kwana ina bitar tambayoyi. Na riga na kama hanya, takarduna a hannu, sai ta kira da ƙarfe 8:40 ta ce tafiyar gaggawa ta taso wa manajan da zai gana da ni. Ta ba ni haƙuri, nan take ta sa wata Talatar. Na ce ba komai, kuma har zuciyata ba komai ɗin, domin uzuri yana kan kowa.

Ta biyun ce ta ƙona mini rai. Daren Litinin, ina goge kayan da zan sa, sai ga gajeren saƙo cewa an sake ɗagewa, za su tuntuɓe ni. Babu dalili, babu sabuwar rana, ko kira ba ta yi ba. Hutun da na sake nema kuwa ya riga ya tafi, shugabana ma ya fara yi mini wani irin kallo. Na rubuta amsa mai zafi na goge, daga ƙarshe "To, na gode" kawai na tura. Yanzu nake ganin nan na yi kuskure, da ban tambaye ta sabuwar rana ba, ban kuma faɗi lokutan da nake da sarari ba. Yau kwana 9 shiru, alhali tallar aikin tana nan ba su cire ba.

Ana cikin haka wani kamfanin ya ba ni takardar ɗauka, suna jiran amsata zuwa Juma'a. Aikin bai kai wancan ba, amma yana hannu.

Ga abin da nake son tura mata: "Har yanzu ina son aikin nan. Sai dai an yi mini tayi a wani wuri, kuma dole in ba da amsa ranar Juma'a. Ina da sarari Laraba ko Alhamis bayan ƙarfe 4, ko ta waya ko ta bidiyo. Zai yiwu mu gana kafin nan?"

Malam, ambaton wancan tayin ba zai zama kamar barazana ba? Wani abokina ya ce ɗagewa ta biyu ba tare da sa rana ba alama ce sun samu wani, ko sun dakatar da gurbin. Idan Alhamis ta wuce ba ta amsa ba, in rubuta in janye a mutunce, ko in karɓi wanda ke hannu in yi shiru?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗalibinka mai bin wannan fili