Rahoton Ayyukan Shekara: Gyaran Fayilolin Horaswa

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Babban aikin kwamitin fasaha a bana shi ne gyaran fayilolin PowerPoint da muke koyarwa da su. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin horaswarmu ya sauya suna da tambari, ga shi fayiloli 64 na ɗauke da tsofaffin, har da ranakun da suka wuce. Maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya, mun rubuta ɗan sikirif, wato ƙaramar manhaja, da Python, muka yi amfani da python-pptx, kayan aikin da ke ba Python damar gyara fayilolin PowerPoint. Duk aikin a kan kwafi muka yi shi, na asali suna nan a ajiye.

Gwajin farko ya tsallake sunan a wurare da dama, alhali ga shi ƙuru-ƙuru a allo. Ashe PowerPoint kan tsinka jimla guda gida-gida, abin da ake kira `run`, musamman inda aka taɓa gyara harafi ko sauya launi. Sai rabin sunan ya faɗa gida ɗaya, ragowar a na gaba, binciken kuma ya wuce bai gan shi ba. Maganin shi ne a haɗe sakin layin tukuna. A nan `p` shi ne sakin layin, `TSOHO` da `SABO` kuma tsohon suna da sabo:

```python
t = "".join(r.text for r in p.runs)
if TSOHO in t:
    p.runs[0].text = t.replace(TSOHO, SABO)
    for r in p.runs[1:]:
        r.text = ""
```

Amma dabarar na da illa: sakin layin gaba ɗaya zai ɗauki kamannin gidan farko. A wani darasi, kalmar gargaɗi da aka rubuta da ja ta koma baƙa, kuma malamin da ke koyar da shi ne ya lura. Tun daga nan muka sa sikirif ɗin ya riƙa lissafo duk inda ya haɗe, mu bi da ido.

Tambari bai wahalar ba. Yawanci yana kan `Slide Master`, wato shafin da sauran shafuka ke ɗaukar tsarinsu daga gare shi, muka gano shi ta lambar `sha1` da ke bambanta hoto da ɗan'uwansa, muka musanya. Sabon ya fi faɗi, don haka sai da muka daidaita tsawo da faɗinsa, in ba haka ba ya fito a matse.

A kan ranaku kuwa mun ƙi yarda da sauyin bai ɗaya, kuma muna ganin daidai muka yi. Shekarar da ke ƙasan shafi ta tsufa, amma wadda ke cikin jadawalin kuɗin shiga tarihi ce, taɓa ta ɓata lissafi ne. Ta ƙasan shafi da ta bango kawai muka sauya.

Fayiloli 7 masu tsohon tsari na `.ppt` sai da muka juya su zuwa `.pptx` da LibreOffice, domin python-pptx ba ya buɗe su. Saura 5 da sunan ke cikin hoto ko zanen `SmartArt`, inda sikirif ɗin bai kai ba. Muna roƙon malaman da ke da su su gyara da hannu, su miƙa wa sakatare kafin taron gaba.

Kwamitin Fasaha