Sunan wa zai zo gaba a kasuwancinmu na albasa?

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kana lafiya, ya aiki?

Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, nan Legas. Ni da wani aminina da nake kira Yaya, don ya girme ni, muna sauke albasa daga Aliero muna sayar da buhu-buhu. Wasu gidajen abinci a Ikeja sun ce ba za su ƙara tura kuɗi asusun mutum ɗaya ba, sai na kasuwanci. Banki kuma ya ce sai mun kawo takardar rajistar suna daga hukumar CAC. A nan maganar ta tsaya.

Mun yarda sunan ya fito daga sunayen iyayenmu. Mahaifina Garba, nasa marigayi Adamu. Ni na zuba kashi 60 na jari, shi 40, shi ya sa 'yan'uwana suka ce namu ne zai zo gaba. Amma Malam, rumfar ta mahaifinsa ce. Matan Yarbawa da ke saro a wurinmu har gobe "wajen Adamu" suke cewa, kuma don amanar marigayin ne manoma ke ba mu kaya bashi. Wannan ba ya cikin lissafin jari, alhali da shi muke cin abinci. A raina ina ganin ya cancanci gaba, sai dai mahaifina yana raye, kuma gonarsa ya jinginar ya haɗa mini kuɗin. Ina jin nauyin ya ga an mayar da shi baya.

Mun gwada gutsuro sunayen. GARDAM ya fito, Yaya ya ce ba zai rataya allon da ke kama da gardama a rumfa ba, na kuma ga gaskiyarsa. ADAGAR ya fi daɗin faɗi, harufa uku-uku daga kowane gida, amma gidanmu sun ce duk da haka Adamu ne a gaba. Wanda zai cike mana takardu ya ce suna biyu ake turawa, idan an amince da ɗaya za a ajiye mana shi kwana 60 kawai, don haka ba ma so mu tura kafin mu daidaita.

Malam, mene ne adalci a nan? Yawan jari ake dubawa, ko sunan da kasuwa ta riga ta sani? Idan na bar masa gaba, ya dace in nemi a rubuta a gaban shaidu cewa jerin suna bai taɓa rabon riba ba, kuma ranar da muka rabu ko ɗayanmu ya rasu, babu gidan da zai ci gaba da sunan sai da yardar ɗayan? Ina tsoron ya ɗauka ban yarda da shi ba ne. Sannan da wane lafazi zan tunkari mahaifina?

Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai albasa, Mile 12, Legas