Siton bai ƙone ba: amsa ga kawun yaron da ke tsare

"Lauya, ɗan ƙanwata yau satinsa uku a tsare. An ce shi da wasu mutum biyu sun shirya ƙona siton wani ɗan kasuwa. Babu abin da ya ƙone. An kama ɗaya da jarkar fetur a ƙofar siton, an ce ɗaya shi ya biya kuɗi, namu kuwa yana ɗakin ne kawai lokacin da ake maganar. Ashe ba a ce wanda ya yi niyyar sharri bai aikata ba lada ma ake rubuta masa ba? To a kan me doka za ta kama mutum?"

Baba Alhaji, assalamu alaikum.

Ka yi min wannan tambaya a gaban jama'a ranar da muka yi zama da 'yan kasuwa, lokaci ya ƙure ban ba ka amsar da ta kamace ka ba. Na ga yadda muryarka take rawa da ka ambaci ƙanwarka, kuma abin bai bar raina ba. Allah ya kawo mafita. Zan amsa a rubuce domin masu irin damuwarka suna da yawa a garin nan.

Bari in fara da hadisin, don shi ne ƙarfin maganarka. Gaskiya ne, wanda ya ƙudurta sharri sannan ya bari, ana rubuta masa lada. Sai dai malamai sun yi bayani cewa wannan ga wanda ya bari da kansa ne saboda tsoron Allah. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa sai aka tare shi, hukuncinsa daban. Ka tuna ɗaya hadisin na Musulmi biyu da suka zare wa juna takobi, da aka ce har wanda aka kashe yana da laifi domin shi ma kisan ya zo yi. Dokar hukunta laifuka ta Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, kan wannan iyakar take tafiya. Ba ta kama kowa a kan abin da ke cikin zuciyarsa. Mutum zai iya kwana yana saƙa ƙona kasuwa gaba ɗaya, babu alƙalin da zai taɓa shi. Tana jira ne sai abin ya fito fili, ko dai ta hannu, ko ta alƙawari tsakanin mutane, ko ta bakin da ya tura wani. Mutum ukun da ka lissafa, kowa da ƙofar da ya shigo ta cikinta.

Mai jarka shi ne mafi sauƙin fahimta, kuma a kansa zan daɗe. Sashe na 95 ya yi magana a kan yunƙurin aikata laifi: mutum ya yi nufin laifi, kuma ya yi wani aiki a hanyar zartar da shi. Duk rigimar lauyoyi a nan kan tambaya ɗaya take: ina shiri ya ƙare, ina yunƙuri ya fara? Ka tsaya a kowane gidan mai da yamma ka ƙirga masu riƙe da jarka. Mai janareto ne, mai injin markaɗe ne, ɗan bumburutu ne. Sayen fetur da ashana, ko da mugun nufi, shiri ne, kuma doka ba ta cika hukunta shiri ba, saboda dalili biyu. Aikin da kansa bai nuna komai ba, sannan mutum yana da sauran damar ya juya gida ya zuba man a babur ɗinsa. Amma mutumin da ya shigo layin da ƙarfe biyun dare, ya durƙusa a ƙofar siton da ba nasa ba, ya buɗe jarka ya fara tuttula mai ta ƙarƙashin ƙyaure, wannan aikinsa ya riga ya yi magana. Babu wata fassara da ta rage. Don haka lauyan mai jarka abin da zai fara tambaya shi ne: a ina daidai aka kama shi, murfin jarkar a rufe yake ko a buɗe, an ga mai a ƙasa ko ba a gani ba. Taku goma da murfi ɗaya suna iya raba shiri da yunƙuri.

To yanzu ka duba, me ya hana siton ƙonewa? Maigadi ne ya farka. Ba tausayi ne ya kama mai jarka ba. Da maigadin ya ƙara minti biyu yana gyangyaɗi, da wani labarin muke yi. Kai ɗan kasuwa ne, ka san yadda rumfuna suke manne da juna, ka san wuta ba ta tambayar na wane ne. Duk wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta bari, ya san wutar kasuwa ba ta tsayawa a shago ɗaya. Idan doka ta ce sai an ƙone za ta hukunta, to ta mayar da hukunci caca: mutum biyu su yi aiki iri ɗaya da nufi iri ɗaya, ɗaya ya tafi kurkuku, ɗaya ya tafi gida don kawai ashanarsa ta jiƙe. Kuma ta ɗaure hannun ɗan sanda, sai ya tsaya yana kallo har harshen wuta ya tashi kafin ya sami abin kamawa. Shi ya sa ko da mai sayar da man ya cuce shi ya cika masa jarka da ruwa, bai tsira ba. Kamar ɗan sane ne da ya zura hannu a aljihunka a cunkoson Kantin Kwari ya tarar babu ko sisi. Aljihun ne ya zo wayam, amma sata ya zo yi.

Duk da haka doka ta san bambancin toka da ƙamshin fetur. Ƙona wurin ajiyar kaya, a sashe na 337, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Yunƙuri kuwa iyakarsa rabin mafi tsawon hukuncin laifin. Wajen wannan lissafi ana ɗaukar rai da rai a matsayin shekara 20, ka ga ke nan mai jarka ba zai wuce shekara 10 ba, kuma alƙali yana da ikon ya yi ƙasa da haka sosai.

Wanda ya biya kuɗin, shi ne mai ingiza mai kantu ruwa. Sashe na 83 ya sa zuga wani ya aikata laifi cikin ma'anar taimaka wa laifi. Laifinsa ya cika tun lokacin da ya ce "ku ƙona, ga kafin alƙalami", ko da yaran sun karɓe kuɗin sun cinye ba su je ko'ina ba. Inda laifin da aka zuga a yi na kisa ne ko na rai da rai, kuma ba a aikata ba, sashe na 91 ya ba da ɗauri har shekara 7. Ni a wurina wannan sashe adalci ne tsantsa, domin ba don shi ba, kullum ɗan talaka ne zai riƙe jarka, mai kuɗin yana kwance a ɗakinsa.

Saura naku. Abin da za a tuhume shi da shi haɗin baki ne, sashe na 96 da na 97. Idan mutum biyu ko fiye suka yi yarjejeniya za su aikata laifi, yarjejeniyar kanta laifi ce, ba sai an ɗaga ƙafa ba, kuma hukuncinta daidai yake da na mai zuga, wato a nan har shekara 7. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama a majalisar samari. Mutum ɗaya yana iya huce fushinsa kafin gari ya waye. Amma in an yi alƙawari su uku, kunya da tsoron a ce masa matsoraci sai su riƙe kowa, aiki kuma ya rabu: wannan ya sayo mai, wannan ya duba hanya. Abin da ɗaya ba zai iya ba sai ya zama mai sauƙi.

Amma Baba, ka riƙe wannan da kyau: yarjejeniya doka ta ce, ba zama ba. Zama da maɗaukin kanwa yana kawo farin kai, amma farin kai ba hujja ba ne a kotu. Wanda yake ɗaki ya ji ana ƙulla abu, bai ce na yarda ba, bai karɓi komai ba, ba a ba shi aiki ba, bai zama ɗan haɗin baki ba saboda kunnensa ya ji. Nauyin tabbatar da cewa ya amince yana kan masu gabatar da ƙara, domin sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Gaskiya ne ba a rubuta irin wannan yarjejeniya a takarda, don haka kotu tana gano ta ne daga abin da mutane suka yi. A nan ne dole ku zauna da yaron ya faɗa muku gaskiya. Kuɗi sun shiga asusunsa a kwanakin? Akwai kiran waya tsakaninsa da mai jarka a daren? Shi ya nuna musu siton, ko ya ara musu babur? Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbata, maganar "yana ɗakin ne kawai" ta yi rauni. Idan ya amince da farko sannan ya janye, laifin ya riga ya cika, sai dai janyewar tana da nauyi wajen neman sassauci, musamman in shi ya je ya faɗa.

Ba zan ɓoye maka ba, a nan ne aka fi zaluntar mutane. Na sha ganin takardar tuhuma da aka liƙa mata haɗin baki don kawai waɗanda aka kama sun wuce ɗaya. Na taɓa tsaya wa wani yaro mai koyon ɗinki wanda duk hujjar da ke kansa ita ce abokinsa ya ambaci sunansa a bayanin da ya yi wa 'yan sanda. Ya yi watanni a tsare, mahaifiyarsa tana kawo masa abinci a ƙafa, kafin a sallame shi. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 29, ta ce iƙirarin da wanda ake tuhuma ya yi kansa yake ci, ba ya cin abokin tuhumarsa sai in shi ma ya amince da shi da baki ko da aiki. Haka kuma iƙirarin da aka samu ta hanyar duka ko azaba ba a karɓarsa, amma lauya ya yi ƙorafin a daidai lokacin da aka miƙa takardar ga kotu, kada ya bari sai an wuce wurin.

Sati ukun nan kuma ya dame ni. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya inda akwai kotu a kusa, kuma a cikin birnin Kano babu maganar nisa. Ku bincika gobe da safe: umarnin kotu ne yake riƙe da shi, ko kuwa ba a taɓa kai shi ba? Ku nemi lauya ya karɓo kwafin takardar tuhumar ya ga sassan da aka rubuta, ya shigar da neman beli. In babu halin ɗaukar lauya, ku je ofishin Ligal Ed, hukumar da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Kuma ku gaya wa yaron kada ya sa hannu ko ya dangwala a kan wata takarda sai an karanta masa ita da Hausa a gaban lauyansa.

Ka gaishe min da mahaifiyarsa. Wassalam.