Mai babakere ma yana tsoron gudun masu saye

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na saurari shirinku na tattalin arziki inda baƙonku ya ce wai duk wanda ya yi babakere a kasuwa, shi kaɗai ke sayar da abu, to sai ya yanka farashin da ya ga dama. Na shekara da shekaru ina koyar da wannan darasi kafin in yi ritaya, kuma maganar ba ta zauna mini ba. Mai babakere yana iya faɗin kowane farashi, gaskiya ne, amma ba ya iya tilasta wa mutane su saya. Abin da ke yanke masa iyakar ribar da zai ɗora shi ne yawan masu sayen da za su juya masa baya idan ya ƙara kuɗi.

Bari in kawo misali da lissafin da na tsara don a gane. A ɗauka akwai wani ƙauye da mutum ɗaya ne kawai ke da rijiyar burtsatse, ga rani ya yi tsanani, rijiyoyin gida duk sun ƙafe. Kowace jarka ɗaya da ya ƙara cikawa tana cin masa naira 20 na man janareto da lalacewar famfo. Wannan naira 20 ita ce abin dubawa. Kuɗin haƙa rijiyar da na tanki an riga an kashe su, ko ya sayar da jarka ɗaya ko dubu ba za su canza ba, don haka ba sa shiga lissafin farashin yau, ko da yake su ne abin da zai fara kawo maka in ka yi masa ƙorafi.

Idan ya sayar da jarka naira 40, ana ɗibar jarka 600 a rana, ribarsa naira 20 sau 600, wato 12,000. Ya kai 50, sai a ɗebi 500, riba ta zama 15,000. Ya kai 60, a ɗebi 400, riba 16,000. To sai zuciya ta raya masa ya kai 70. A nan mata suka rage wanki, masu jakai suka fara tafiya rafi mai nisa, aka ɗebi 300 kacal, riba ta koma 15,000. Ba hukuma ta tsayar da shi a naira 60 ba, ba kuma tausayi ba. Jarkokin da suka daina zuwa layi ne suka tsayar da shi.

Masana suna auna wannan gudu da lamba guda. A daidai naira 60, in ya ƙara kashi 10 cikin ɗari, wato ya kai 66, jarkoki za su sauka daga 400 zuwa 340, raguwar kashi 15 cikin ɗari ke nan. Raba 15 da 10, ka sami 1.5. Wani masani mai suna Abba Lerner (sunan kamar na ɗan Kano, amma Bayahude ne haifaffen daular Rasha da ya tashi a Landan) ya fito da ma'auni a 1934 wanda ake rubutawa haka:

(P − MC) / P = 1 / e

P shi ne farashi, MC kuɗin samar da ƙarin guda ɗaya, e kuma lambar gudun masu saye. A gwada da mai burtsatsenmu a farashin da ya fi kawo masa riba: 60 a cire 20 saura 40, a raba da 60, kashi biyu cikin uku. Ɗaya a raba da 1.5, shi ma kashi biyu cikin uku. A duk naira uku da aka miƙa masa, biyu ɗori ne a kan abin da jarkar ta ci masa.

Damina ta sauka, rijiyoyi suka kawo ruwa, kowa ya tara randa ƙarƙashin indararo. Har yanzu shi kaɗai ke da burtsatse, babakerensa na nan daram, kuɗin man janareto kuma bai sauko ba. Amma yanzu a ce lambar gudu ta kai 3, domin da ya ɗan motsa farashi sai layi ya watse. Ɗorin da zai iya yi ya koma kashi ɗaya cikin uku, jarka ta dawo naira 30. Mutumin nan ba halinsa ne ya gyaru ba, mutane ne suka sami wurin zuwa.

Akwai wani abu a cikin lissafin nan da ɗalibaina kan yi gardama a kai kowace shekara. Mai babakere da ya san abin da yake yi ba ya taɓa tsayawa a inda lambar gudu take ƙasa da ɗaya. Duba naira 40: lambar a nan kusan 0.67 ce. Da ya ƙara zuwa 50, cinikinsa ya tashi daga 24,000 zuwa 25,000, kuma jarkokin da zai ƙona mai a kansu sun ragu da ɗari. Kuɗi ya ƙaru, wahala ta ragu, me zai sa ya tsaya? Zai yi ta hawa har sai ya kai inda masu saye suka fara gudu sosai. In ka ga mai abu shi kaɗai ya bar farashi a ƙasa da nan, to wani abu ne ya riƙe shi: ko doka, ko kunyar maƙwabta da dagaci, ko tsoron kada ribar ta yi yawa wani mai kuɗi ya zo ya haƙa tasa rijiyar.

A nan ne manya ma suka taɓa yin tuntuɓe. A 1956 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da gwamnati ta kai kamfanin du Pont kan wata leda shara-shara ta naɗe kaya. Kamfanin na riƙe da kusan kashi 75 cikin ɗari na cinikin wannan leda, amma ya ce ai masu saye suna iya komawa ga takarda mai kaki da sauran abin naɗi in ya ƙara kuɗi. Kotu ta yarda, ta wanke shi. Daga baya masana suka nuna inda aka yi kuskure. Ai dama mai babakere yana kai farashi har gaɓar da mutane ke fara neman madadi. Ganin masu jakai sun nufi rafi a naira 60 ba ya nuna mai burtsatse yana da abokin takara, yana nuna ya riga ya ja igiyar har ƙarshenta ne. Tambayar da ta dace ita ce, da jarka na kusa da naira 20, mutum nawa ne zai ɗauki jaki zuwa rafi?

Shi ya sa nake roƙo, ranka ya daɗe, in za ku sake gayyato baƙo kan tsadar siminti ko kuɗin kiran waya ko wutar lantarki, kada a tsaya ga ƙirga kamfanoni nawa ne a kasuwa. A tambaye shi nawa ƙarin buhu ɗaya ke ci wa mai yin sa, sannan ina mai saye zai nufa in an ƙara masa kuɗi, kuma cikin wata nawa zai iya komawa can. Ta ƙarshen nan tana da nauyi, domin mai gini da ya riga ya kai linta ba shi da mafita a wannan makon, amma wanda bai sa harsashi ba yana iya jira ko ya koma bulon ƙasa.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Wani tsohon malamin tattalin arziki, daga Katsina